"Inna ce ta shanye shi": wa ya faɗa, ke ko su?

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni 'yar Daura ce, ina aji biyu a jami'a a nan Katsina, sashen nazarin addini. An ba mu jinga a kan abin da Maguzawa da 'yan bori suka yi imani da shi game da iskoki. Ta farko da na miƙa, malaminmu ya ba ni 9 cikin 30, ya rubuta da jan biro cewa wa'azi na yi ba jinga ba, in je in sake. Na sake, na cire duk wani "wa'iyazu billahi" da "waɗannan ɓatattu". Da na je gida, kawuna ya ɗauki takardar ya karanta inda na ce "Inna tana shanye wa mutum hannu ko ƙafa idan ya saɓa mata". Ya ce in yi istigfari in sake kalmar shahada, na rubuta kafirci da hannuna. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, ga shi saura kwana goma in miƙa. In bi malami in saɓa wa Allah, ko in bi kawu in faɗi darasin?

'Yarka daga Daura

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki ki yi barci, ba zaɓi biyun nan ne a gabanki ba. Malaminki ya yi gaskiya a kan takarda ta farko, kawunki kuma ya hango wani abu na gaskiya a ta biyu, ko da yake hukuncin da ya yanke ya fi laifin girma nesa ba kusa ba. Aibin duka biyun ɗaya ne: mai karatu ba ya iya gane bakin wa ke magana.

Ɗauko jimlar da kawu ya tsaya a kanta ki karanta ta ita kaɗai, kamar wanda ya tsinci takardar a bakin Kofar Soro bai san ki ba. Ba Bamaguje a cikinta, ba ɗan bori. Inna ce kawai da aikinta, da sunanki a saman shafi. Wanda ya karanta haka yana da damar ya ce ke kika faɗa. Ni na san ba haka kike nufi ba, kawu ma a ransa ya sani, amma takarda ba ta ɗaukar niyya, abin da aka zuba mata kawai take nunawa. Yanzu ƙara mata kalmomi kaɗan: "A wajen 'yan bori, Inna tana shanye wa mutum hannu ko ƙafa idan ya saɓa mata." Jimlar farko labari ce a kan Inna, kuma a matsayinki na Musulma ba ki yarda da shi ba. Ta biyu labari ce a kan 'yan bori, kuma gaskiya ce tsagwaronta, domin lalle haka suke cewa. Kina iya dafa Alƙur'ani a kan ta biyun ba ki yi kaffara ba. Duk bambancin da ke tsakanin bayyana aƙida da amincewa da ita a nan yake zaune, a cikin wanda jimla take ba da labarinsa.

Kafin mu shiga gyaran takarda, bari in sauke miki nauyin da ke ƙirjinki. Ni ba mai fatawa ba ne, tsohon malamin aji ne da ya daɗe yana maka takardu, amma wannan mas'ala ba ɓoyayya ba ce. Malamai suna da ƙa'ida sananniya cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Hujjarta tana bakinki tun kina Islamiyya. A cikin Nazi'ati kin sha karanta maganar Fir'auna, "Ana rabbukumul a'ala", wato ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka. Limami yana karanta ta a sallah, ku ce amin a bayansa a Fatiha ku saurari surar, ba wanda ya taɓa sake shahada. Me ya sa? Saboda "faƙala" da ke gabanta, "sai ya ce". Kalma ɗaya ta mayar da maganar ga mai ita. Alƙur'ani cike yake da "suka ce", "waɗanda suka kafirta suka ce", kuma yana kawo maganarsu yadda suka faɗe ta kafin ya ba da amsa.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma gara ki san ta tun da kawu zai iya kawo ta. A cikin Ashafa, wadda ake karantawa a masallatanmu da zaurukanmu, Alƙali Iyal ya yi magana a kan mutumin da ya hakaito mummunar maganar wani. Bai ce komai halal ba ne don kawai an ce "wane ya ce". Ya ce a dubi yadda aka hakaito da abin da ya kewaye hakaitowar, kuma hukuncin yana sauyawa daga wajibi har zuwa haram. Mai ba da shaida ko mai karantarwa don a san abin daban yake da wanda ya mayar da maganar abin hira da nishaɗi, yana jin daɗinta, yana fakewa da sunan wani. A kan zagin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wannan bayani, wanda ya fi abin da ke gabanki nauyi ƙwarai. Ɗalibar da aka ce ta bayyana abin da wasu mutane suka yi imani da shi, ta jingina musu, ta rasa barci don tsoron kada ta yi saɓo, ba ta kusa da ɓangaren haram ɗin. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki kai takardar da aka gyara wajen malamin da gidanku ya yarda da shi. Takardar za ki kai, ba labarinta ba.

To, mu koma kan aikin. Sakin layi ɗaya zan ɗauka in juya miki shi sau uku.

Ga irin na farkonki, ko ban gani ba na san kamanninsa, don na maka ɗaruruwa irinsa: "Waɗannan jahilai suna bauta wa shaiɗanu, wa'iyazu billahi, suna riya cewa wai wata aljana Inna ita ke kawo ciwo, alhali Allah ne kaɗai mai cutarwa da warkarwa." Tambayi kanki me mai karatu ya ƙaru da shi. Ya san ke Musulma ce, abin da ya riga ya sani tun daga sunanki. Bai san wace ce Inna a wajen masu ita ba, bai san me suke yi idan ciwon ya zo ba, bai san inda suka ajiye Allah a cikin tsarinsu ba. Malamin da ya ba da 9 bai hukunta imaninki ba, ya nemi amsar tambayarsa ne bai samu ba. Akwai ma kuskure a ciki wanda zafin rai ya haifar. Maguzawa ba su musun Allah. Sun yarda shi ne ya halicci komai kuma shi ne sama da kowa, sai dai a ganinsu ya yi nisa da harkar yau da kullum, iskoki ne ke kusa da gona da gida da lafiya, don haka su ake yi wa yanka. Wannan shi ne ginshiƙin aƙidar, kuma wanda ya fara da tsinuwa ba ya kaiwa gare shi.

Na biyu shi ne wanda ya tayar da kawu: an share zagin, amma an share masu maganar tare da shi. Iskoki suna zaune a Jangare, suna hawa mutum, Inna tana shanyewa. Haka ɗan bori zai faɗa wa ɗan'uwansa.

Ga na uku: "'Yan bori sun yi imani cewa iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarautu da dangantaka irin ta mutane. Daga cikinsu akwai Inna, wadda suke danganta wa shanyewar gaɓa. Idan irin wannan ciwo ya ƙi jin magani, sukan fassara shi da cewa iska ce take neman mutumin, sai a yi masa girka, wato a killace shi na wasu kwanaki ana ba shi magunguna ana kiɗa, har ya zama abin da suke kira doki idan namiji ne, ko goɗiya idan mace ce. A fahimtarsu ba korar iskar ake yi ba, sulhu ake ƙullawa da ita."

Ƙirga wuraren da na jingina: sun yi imani, suke danganta wa, sukan fassara, suke kira, a fahimtarsu. Biyar cikin jimla huɗu, kuma ba wanda ya maimaita ɗan'uwansa. Lura da wani abu kuma. Killacewa da magani da kiɗa ban jingina su ga kowa ba, domin abubuwa ne da ido ke gani, suna faruwa ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Abin da ke bukatar jingina shi ne ma'anar da aka ba su. "Ta faɗi ƙasa, muryarta ta sauya, ta fara tari irin na tsoho" abin gani ne, rubuta shi kai tsaye. "Malam Alhaji ya hau ta" fassara ce, sai a ce masu kallo suka ce Malam Alhaji, ɗaya daga cikin iskokin, shi ne ya hau. Yawancin santsin da ɗalibai ke yi a daidai wannan gaɓa yake, sun rubuta abin gani daidai, sai su zarce da fassarar cikin murya ɗaya ba su ankara ba.

Ba sai kowace jimla ta ɗauki "a wajensu" ba, in ba haka ba rubutun zai zama kamar jaki da kayan da ya fi ƙarfinsa. Jingina ɗaya mai ƙarfi a farkon sakin layi tana riƙe jimla biyu ko uku. Amma duk sabon sakin layi ki sabunta ta, haka ma duk inda kika sa baki da naki sharhi kika dawo. Dalili shi ne mutane ba sa karatu daga farko, tsakiya suke faɗawa, kamar yadda kawu ya yi. Jimlar da za a iya tsinko ta ita kaɗai ta zama shaida a kanki, gyara ta.

Yanzu kalmomin jingina su kansu, domin ba duka ne 'yan ba-ruwanmu ba. "Suna cewa", "sun yi imani", "a wajensu", "in ji" duk suna miƙa magana ba tare da sun taɓa ta ba. "Suna riyawa", "suna da'awa" da "wai" kuwa suna miƙa ta da yatsa biyu ne, hanci a toshe. Ki ji bambancin "ya ce ya biya" da "wai ya biya". Na biyun ya riga ya ƙaryata shi. A ɗaya ɓangaren akwai "sun gano cewa", "sun san cewa", "sun fahimci cewa", waɗanda ke gaskata maganar a ɓoye, domin ba a gano abin da babu. Ɗalibai masu tsoron Allah da yawa sun rubuta "Maguzawa sun gano cewa iskoki na zaune a tsamiya" suna ganin sun tsira, alhali wannan ta fi jimlarki kusa da amincewa. Ko da Turanci ko Larabci kike rubuta jingar, kalmomin nan kashi uku suna nan, sai ki neme su.

Sunaye ma haka. Su "iskoki" suke cewa. Idan kika rubuta "shaiɗanu" kin yanke hukunci a cikin suna, kin kuma ɓata bayanin, don 'yan bori suna raba iskoki farfaru da baƙaƙe, har suna ɗaukar wasu, irin Malam Alhaji, a matsayin Musulmi masu carbi. Kalma ɗaya ta shaiɗan ta shafe wannan rabon gaba ɗaya, shi kuwa yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda bori ya cuɗanya da Musulunci. "Aljanu" kuma tana da nata tarkon, kuma wannan ne ya sa jingarki ta fi ta wanda aka ba addinin Hindu wuya. Ke kin yi imani da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu. Saboda haka wani yanki na maganar 'yan bori yana kama da naki, sai ƙafa ta zame ba a ji ba. Yarda da cewa akwai aljanu abu ɗaya ne, yarda da cewa akwai wata Inna mai wannan aiki wadda ake yi wa yanka abu ne daban. Ki riƙe "iskoki" idan kina bakinsu, ki ajiye "aljanu" sai inda kike maganar abin da Musulunci ya ce, ki kuma gaya wa mai karatu tun a shafin farko cewa haka za ki yi.

Abin dariya, kawu da kansa na tabbata yana cewa "shan inna". Haka ake faɗa a rediyo, haka masu rigakafi ke faɗa ƙofa ƙofa, haka limamai suka faɗa a kan mumbari lokacin da ake kiran iyaye su fito da yara. Sunan ciwon daga wannan aƙidar ya fito, kuma ba wanda ya ce likitan da ya furta shi ya yi imani da Inna. Ku kuma mutanen Daura, duk baƙon da kuka kai Kusugu kuna ce masa nan ne Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Kowa ya san labarin kaka da kakanni ake bayarwa. A baki, wuri da murya da fuska suna yin aikin jingina. Takarda ba ta da ko ɗaya, shi ya sa dole ki rubuta shi da harafi.

Jingina mai kyau kuma tana faɗin su wa, a ina, yaushe. "Maguzawa sun yi imani" ta yi faɗi da yawa. Yankan da maigida ke yi a madadin gidansa a ƙauyen Maguzawa daban yake da borin gari na garaya da goge, wanda akasarin masu yinsa suna kiran kansu Musulmi, kuma jingarki ta haɗa su biyun, sai ki raba su a fili. Idan kin ɗauko bayani daga Greenberg, Baturen da ya yi bincike a kan Maguzawa, wanda littafinsa ya fito a 1946, ki ce abin da ya tarar ne wajen Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930. Kada ki ɗora shi a kan mutanen karkarar Malumfashi na yau, waɗanda da yawansu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci. Wannan yana ƙara miki maki, yana kuma ƙara nesanta maganar da bakinki: wane ya ruwaito cewa su wane sun ce.

Idan aikin ya kai ki ga yin hira da mai bori, a nan ne layin ya tashi daga takarda ya koma aiki. Tambayarsa me girka take nufi a wajensa bincike ne. Miƙa masa hannu ya duba miki, ko kawo kazar da ya ce a kawo, ba bincike ba ne, kuma kin san hadisin da ke cikin Muslim a kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Jingar aji biyu ba ta bukatar ki je ko'ina ma, laburare ya ishe ki.

Saura tambayar da na san tana cin ki: to ina zan ce ban yarda ba? Sake duba kalmar da aka yi tambayar da ita. Idan "bayyana" aka ce, ba a nemi hukuncinki ba, kuma shirunki ba amincewa ba ne, kamar yadda magatakardan kotu da ya rubuta jawabin wanda ake tuhuma bai zama abokin laifinsa ba. Jimla ɗaya a gabatarwa ta wadatar: "Wannan jinga tana bayyana aƙidar ne yadda masu ita suke faɗinta, ba tare da yanke hukunci a kanta ba." Idan kuwa an ce "kwatanta" ko "tattauna", ki buɗe sashe na daban bayan kin gama bayanin, ki sa masa kai, ki kawo matsayin Musulunci da hujjarsa: yanka don wanin Allah shirka ne, ga aya, ga abin da malaman jihadi suka rubuta a kan masu haɗa Musulunci da irin waɗannan al'adu. A nan ma hujja ce ke aiki. "Wa'iyazu billahi" addu'a ce mai kyau, yi ta a zuci sau dubu, amma ba ta tabbatar wa mai karatu komai. Kada kuma ki ɗauka wannan tsari na bayani da farko, hukunci daga baya, Turawa suka kawo shi. Albairuni, wani babban malami Musulmi, ya koyi harshen malaman Hindu, ya rubuta littafinsa a kansu wajen shekarar 1030, ya kuma faɗa tun a gabatarwa cewa littafin hakaitowa ne, ba na jayayya ba. Ba a san shi da wani addini ba sai Musulunci har ya rasu.

Kafin ki miƙa, ki yi gwaji biyu. Ɗauki biro ki bi jimla jimla, ki rubuta "su" ko "ni" ko "ido" a gefen kowace. Duk wadda kika tsaya kina wasiwasi a kanta, ita ce mai bukatar gyara, kuma za ki ga yawancinsu a tsakiyar shafi na biyu da na uku suke, inda hannu ya saki. Sannan ki kawo wata tsohuwa 'yar bori a ranki tana sauraron ana karanta mata sashen bayanin. Idan za ta ce "haka muke cewa", kin yi adalci. Idan za ta ce "ba mu ba ne wannan", to kin bayyana wani abu ne da babu mai shi, kuma ko raddi kika zo yi daga baya, iska za ki doka.

Shi kuwa kawu, kada ki je masa da Albairuni da Greenberg, za ki ƙara wa wutar itace ne. Ki same shi bayan la'asar ki gaishe shi, ki ce kin duba kin ga jimlar ta fito kamar ke ce kike faɗa, kin gode da ya nuna miki, ga yadda kika gyara. Ki miƙa masa shafin da sakin layi na ukun yake, ki nuna masa jimlar gabatarwar da yatsa. Istigfarin da ya ce ki yi, ki yi shi, dama kullum muna cikin bukatarsa. Idan ya gama karantawa ya ce har yanzu da saura, ki roƙe shi ya zaɓi malamin da za ku kai wa takardar tare, ranar Asabar, tun da sauran kwanaki kafin miƙawa.